Wasiƙar Neman Bashi Da Za A Fassara Wa Abokin Ciniki Na Ƙasar Waje

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Jos, ina sayen busasshiyar citta daga wajen Kafanchan ina sayar wa masu fitar da ita. Na aika wa wani kamfani a Duwala, ƙasar Kamaru, buhu 300, suka ba da kafin alƙalami, daga baya suka ƙara wani abu kaɗan, sai suka yi shiru da cikon. Na rubuta musu wasiƙa da Hausa, ɗan yayana ya mayar da ita Turanci, wani abokinsa kuma ya mayar da ita Faransanci. Amsar da suka aiko ita ce suna godiya da na ƙara musu lokaci, alhali ni ban ƙara musu ko kwana ɗaya ba. Na haɗo muku kwafin takardun duka. Yaya zan rubuta wasiƙar da za ta sa su gane cewa kuɗina nake nema, ba tare da na ɓata cinikin da ke tsakaninmu ba?

Wa alaikumus salam, Alhaji.

Na karanta takardun nan da ka haɗo, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kada ka ɗora wa yaran nan biyu laifin duka, domin tushen matsalar yana cikin Hausar da aka ba su. A sakin layi na biyu ka rubuta cewa kana roƙon arziki, su taimaka su turo cikon duk lokacin da Allah ya hore musu. Duk Bahaushen da ya ji wannan magana daga bakin dattijo kamarka ya san cewa haƙuri ya kusa ƙarewa, kuma kunya ce kawai ta hana a fito masa a mutum. To amma wannan fahimta a cikin al'ada take, ba ta cikin kalmomin, mai fassara kuwa kalmomi yake ɗauka. Da jimlar ta isa teburin akawun kamfanin, abin da ya gani shi ne mai kaya da kansa ya ce a biya shi idan an samu hali, ba tare da ya sa rana ba. Godiyar da suka yi maka tana iya zama wayo, amma wayon da takardarka ta buɗe wa ƙofa ne.

Bin hanyar Turanci kuma ya ƙara sassauta maganar. A wuri ɗaya tak da ka ɗan matsa, inda ka ce kana neman haƙƙinka, ɗan yayanka ya sa kalmar Turanci mai ƙarfi, wato `demand`, sai abokinsa ya ɗauko 'yar'uwarta ta Faransanci mai kama da ita a rubuce, `demander`, wadda ma'anarta tambaya ko roƙo ce kawai. Wannan tarko ne sananne ga duk wanda ya yi aiki tsakanin harsunan biyu, kuma shi ya sa nake ƙin a bi da takardar kuɗi ta hannun mutum biyu da harshe uku in har akwai yadda za a kauce.

Abin da kake bukata yanzu yana da suna a dokar ƙasarsu, kuma sunan nan ya kamata ya fito a saman takardar. Masu kasuwanci da Faransanci sun bambanta wasiƙar tuni, wadda suke kira `relance`, da wasiƙar gargaɗi ta ƙarshe, wadda suke kira `mise en demeure`. Ta farko ladabi ce, ana iya ajiye ta a aljihun tebur. Ta biyu mataki ne na shari'a, domin ita ce shaidar cewa mai bin bashi ya nemi kuɗinsa a fili, ya faɗi adadi, ya yanka wa'adi. Kamaru tana cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na ƙungiyar OHADA, wadda aka sa hannu a yarjejeniyar kafa ta a 1993, Najeriya kuwa ba ta ciki. A ƙarƙashin waɗannan dokoki akwai gajeriyar hanya ta karɓo bashi, inda alƙali ke duba takardu ya ba da umarnin biya tun kafin a yi doguwar shari'a, sannan a ba wanda ake bi ɗan lokaci ya ƙalubalanta in yana da ja. Sai dai ba a bin wannan hanya sai bashin ya cika sharuɗɗa uku: ya tabbata babu shakka a kansa, an san adadinsa daidai, kuma lokacin biyansa ya riga ya yi. Ka lura da sharaɗi na uku, domin shi ne wasiƙarka ta farko ta raunana. Saboda haka sabuwar wasiƙa dole ta faɗi ƙarara cewa wadda ta gabace ta ba ta ɗage ranar biya ba, kuma ba ta yafe komai ba.

Amsar da suka aiko kuma kada ka yi wasa da ita, duk da takaicin da ta ba ka. Na ga a cikinta sun ambaci cikon kuɗin citta, ba su ce kayan sun lalace ba, ba su ce awo bai cika ba, ba su yi jayayya da farashi ba. Wannan amincewa ce a rubuce cewa ana bin su, kuma ta fi duk wata shaidar baki da za ka iya kawowa. Ka buga ta a takarda, ka adana saƙon asali yadda ya zo da ranarsa da adireshin da ya fito, ka kuma ambace ta a sabuwar wasiƙa.

Yanzu mu zo kan lissafi, wanda shi ne ƙashin bayan wasiƙar. Bisa takardar lissafin kaya mai ranar 3 ga Maris 2025, buhu 300 ne masu nauyin kilo 50, kowane buhu a kan sefa 60,000, jimla sefa 18,000,000. Sun ba da kafin alƙalami na kashi 40 cikin ɗari, wato 7,200,000, saura 10,800,000. Takardar karɓar kaya ta nuna ma'ajinsu ya sa hannu ranar 17 ga Maris, kuma kun yi alkawarin biya cikin kwana 30 daga ranar karɓa, wanda ya kama 16 ga Afrilu 2025. Ranar 20 ga Yuni suka turo 2,000,000. Abin da ya rage ke nan 8,800,000. A wasiƙarka ta farko babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ranaku, kuma adadin da ka rubuta shi ne "kusan miliyan tara". Kalmar "kusan" ba ta da wuri a wasiƙar neman bashi, domin wanda ba ya son biya zai ce bari a fara daidaita lissafi, daga nan kuma sai a shafe wata biyu ana musayar saƙo.

Rubuta lambobin ma yana da nasa tarkon. Mu a nan waƙafi muke sawa mu raba dubbai, masu Faransanci kuwa waƙafi a wurinsu alamar gutsuren lamba ce, dubbai da ɗan fili suke raba su, wasu kuma da ɗigo. Idan aka rubuta 8,800 da nufin dubu takwas da ɗari takwas, akawun da ya yi karatu da Faransanci yana iya karanta shi a matsayin takwas da ɗigo takwas. Don haka a takardar Faransancin adadin ya fito kamar haka: `8 800 000 XAF`, sannan a biyo shi da kalmomi, `huit millions huit cent mille francs CFA`. Haruffan nan uku na ƙarshen lambar suna da amfani, saboda sefa iri biyu ce. Ta Kamaru da Chadi da sauran ƙasashen tsakiyar Afirka ita ce `XAF`, ta Nijar da Benin da maƙwabtansu na yamma ita ce `XOF`. Darajarsu ɗaya ce, yuro ɗaya yana daidai da sefa 655.957 a kowacce, amma bankunan da ke buga su daban ne, kuma ma'aikacin banki ba ya ɗaukar ɗaya a madadin ɗaya. Abu ɗaya da nake roƙonka ka bari shi ne mayar da bashin naira a cikin wasiƙar. Na san faɗuwa da tashin naira na cikin abin da ke damunka, amma da sefa aka yi ciniki, da sefa takardar lissafin ta fito, kuma duk wani sabon adadi da ka shigo da shi ƙofar gardama ce.

Kafin alƙalamin nan ma a kula da sunan da za a ba shi. Faransanci yana da kalmomi biyu da mai fassarar da bai san kasuwanci ba zai ɗauka ɗaya ne: `acompte` wani ɓangare ne na kuɗin kaya da aka biya a cinikin da ya riga ya ƙullu, `arrhes` kuwa kuɗi ne da ke bar wa kowane ɓangare damar janyewa. Naka na farkon ne, kuma a fassarar da aka yi maka na biyun aka sa.

Ga yadda nake ganin jikin wasiƙar zai kasance da Hausa, kafin a miƙa wa mai fassara. Bayan sunanka da adireshinka da ranar rubutawa, da cikakken sunan kamfanin kamar yadda yake a rajista, sai kan magana, sannan:

"Muna rubuto muku ne game da takardar lissafin kaya ta ranar 3 ga Maris 2025, ta busasshiyar citta buhu 300, wadda jimlar kuɗinta sefa 18,000,000 ne. Kun karɓi kayan ranar 17 ga Maris 2025 ba tare da wani ƙorafi ba, kuma ranar biyan ciko ita ce 16 ga Afrilu 2025. Mun karɓi 7,200,000 a matsayin kafin alƙalami, da 2,000,000 ranar 20 ga Yuni 2025. Abin da ya rage a kanku shi ne sefa 8,800,000, kamar yadda amsarku ta baya ta nuna kun sani. Wasiƙarmu ta farko tuni ce kawai, ba ta ɗage ranar biya ba, kuma ba ta rage komai daga bashin ba. Da wannan takarda muna gargaɗinku ku biya wannan adadi gaba ɗaya a asusun da ke rubuce a takardar lissafin, a ranar 31 ga Oktoba 2025 ko kafinta. Idan ranar ta wuce ba a biya ba, za mu miƙa maganar ga lauya a Duwala domin ya nemi umarnin biya daga kotu, ba tare da wata sanarwa ba. Muna fatan a warware wannan lamari kafin a kai can, domin mu ci gaba da cinikin da muka fara."

Ka ga babu zagi a ciki, babu habaici, babu karin magana. Na cire karin magana da gangan, duk da cewa na ga ka sa "bashi hanji ne" a ta farko don ka nuna musu ba ka ɗauke su mutanen banza ba. Niyyar kyakkyawa ce, amma abin da ya isa gare su jimla ce game da kayan ciki wadda ba wanda ya gane inda ta dosa. Ladabi a wasiƙar Faransanci yana da mazauninsa, wato gaisuwar buɗewa da doguwar jimlar rufewa da suka saba da ita, kuma ƙwararren mai fassara ya san su. Ka bar masa wannan, kai ka tsare tsakiyar. Jimlar gargaɗin kuwa ka duba da idonka ka ga ta fito da `nous vous mettons en demeure de payer`, ko da ba ka jin harshen, domin wannan ita ce jimlar da ke ɗauke da nauyin takardar.

Na zaɓi a sa rana tsayayya maimakon a ce "cikin mako biyu" saboda dalili. Idan aka ce mako biyu, sai a tambaya daga yaushe: daga ranar rubutawa, ko ranar aikawa, ko ranar da manaja ya dawo daga tafiya ya buɗe ambulan? Rana mai suna, da watan a rubuce da haruffa, ba ta barin wannan tambaya. Ka dai tabbata tsakanin isar takardar da ranar akwai kamar kwana goma sha biyar, domin wa'adin ya zama wanda mai niyyar biya zai iya cikawa, musamman da yake tura kuɗi daga can zuwa nan yana bukatar takardun banki.

Maganar asusu ma kada a taɓa ta. Ka bar asusun da ke kan takardar lissafin, ka kwafe lambarsa harafi da harafi. Wasiƙar neman kuɗi da ta zo da sabon asusu ita ce ainihin siffar damfarar da kamfanoni ke tsoro, kuma za ta ba su hujja ta gaskiya su dakata su ce suna bincike. Idan kuma ta hanyar banki ka fitar da kayan, ka cike fom ɗin fitar da kaya na `NXP`, to ka tuna cewa Babban Bankin Najeriya yana bukatar kuɗin kayan da ba man fetur ba su dawo cikin kwana 180, lokacin da ya riga ya wuce a naka lissafin. Ka kai wa bankinka kwafin wannan wasiƙa da shaidar aika ta, domin su ga cewa jinkirin ba daga gare ka yake ba.

Akwai abubuwa biyu da na san za a ba ka shawarar ka sa a wasiƙar. Na farko barazanar 'yan sanda ko hukumar yaƙi da zamba. Kada ka sa. Bashin ciniki maganar kotun farar hula ce, kuma ko a nan gida Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, balle kamfanin da ke wata ƙasa, wanda lauyansa zai gane nan take cewa barazanar ba ta da haƙora, har ya yi amfani da ita ya nuna kai ne mai tsoratarwa. Na biyu kuɗin ruwa na jinkiri. Dokar cinikayya ta OHADA ta ba mai kaya damar neman sa, kuma yana fara ƙirguwa ne daga lokacin da aka aika wasiƙar gargaɗi ta hanyar da ke da shaida. Mai fassarar da ya saba da irin waɗannan takardu yana iya saka jimlarsa da kansa saboda haka ake yi a can. Idan kai ba ka karɓar ruwa saboda addini, ka gaya masa tun farko kada ya sa, kuma ka duba ka tabbata bai sa ba, domin takardar da sunanka za ta fita.

Game da wanda zai yi fassarar, ka nemi wanda ya iya Hausa da Faransanci duka, ya ɗauko kai tsaye. A Jos ba za a rasa ba, ko a sashen harsunan waje na jami'a ko cikin mutanenmu da suka yi karatu a Nijar ko Kamaru, amma ka tambaye shi ko ya taɓa fassara takardar kasuwanci, domin iya hira daban, iya wannan aiki daban. Ka ba shi takardar lissafi da ta karɓar kaya tare da wasiƙar, don ya yi amfani da kalmomin da ke cikinsu, kada citta ta fito da suna ɗaya a nan wani suna a can. Bayan ya gama, sai ka yi gwajin da ba ya cin kuɗi mai yawa: ka ba wani mutum dabam, wanda bai ga Hausar ba, ya karanta Faransancin ya gaya maka da baki abin da ya fahimta. Ka tambaye shi nawa ake bi, yaushe za a biya, a ina za a biya, me zai faru idan ba a biya ba, sannan ko takardar roƙo ce ko umarni. Idan ya yi jinkiri a kan ɗaya daga cikin waɗannan, fassarar ba ta nuna ba tukuna. Da an yi wa wasiƙar farko wannan gwaji na minti goma, da an kama maganar "duk lokacin da Allah ya hore" tun kafin ta bar Jos.

Ka sa hannu da hatimi a kan ta Faransancin, domin ita za su karanta, ita kuma alƙali zai gani. Ba na ba da shawarar a aika harsuna biyu tare, sai fa idan an rubuta a ƙasa wanne ne abin dogaro in sun saɓa. Sunan da za a rubuta wa kuma shi ne na kamfanin da ke kan takardar lissafi, ta hannun manajansa, ba sunan mutumin da kuke waya da shi ba, wanda wataƙila dillali ne ko ma'aikaci da zai iya barin aiki gobe. Kamfanonin can suna da lambar rajista da ake kira `RCCM`, wadda yawanci take a ƙasan takardunsu. Na gan ta a amsar da suka aiko, a kwafe ta.

Aikawa ta waya kaɗai ba ta isa ba. Ka tura kwafi ta imel da ta waya don sauri, amma takardar asali ta bi ta kamfanin kai saƙo mai karɓar sa hannun wanda ya amsa, ka ajiye rasit da shaidar isarwa. Hanyar da ta fi wannan ƙarfi ita ce a ba wa jami'in shari'a mai isar da takardu na can, wanda suke kira `huissier de justice`, ya kai da hannunsa ya rubuta cewa ya kai. Ana biyan sa, amma a bashin da ya kai wannan adadi kuɗin ba asara ba ne, kuma zuwansa ofis kaɗai yakan sa a ɗauki maganar da muhimmanci.

Sai maganar lokaci, wadda nake so ka riƙe da kyau. A dokar OHADA, damar kai ƙara kan cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa tana faɗuwa bayan shekara 2. Lauya ne zai duba ya faɗi dokar ƙasar da ta hau kan cinikinku, tunda ba ku rubuta hakan a yarjejeniya ba, amma kai ka yi lissafi da mafi gajarta, ka ɗauka cewa daga 16 ga Afrilu 2025 agogo ya fara. Wasiƙar gargaɗi ita kaɗai ba ta tsayar da wannan agogo. Abin da ke sabunta shi shi ne amincewar wanda ake bi, ko shigar da ƙara. Saboda haka idan suka amsa da cewa za su biya kashi-kashi, kuma ka ga hakan ya fi maka, kada ka karɓa ta waya. A rubuta takardar amincewa da bashi mai ɗauke da adadin 8,800,000, da ranar kowane kashi, da sharaɗin cewa idan aka tsallake ɗaya sauran duka sun zama abin biya nan take, manajan ya sa hannu da hatimin kamfani. Idan kuma suka turo wani ɓangare tare da takardar da za ka sa wa hannu, ka kai wa mai fassararka kafin ka taɓa alƙalami, ka ce ya duba maka ko akwai `pour solde de tout compte` a ciki, domin ma'anarta ita ce ka karɓi abin da aka ba ka a matsayin biyan ƙarshe, ka yafe saura.

Kafin takardar ta isa, ka sa a kira manajan a gaya masa cewa ga ta nan tafe, kuma ba da nufin yanke hulɗa aka rubuta ta ba. Idan 31 ga Oktoba ta wuce babu kuɗi babu takardar amincewa, kada ka rubuta wasiƙa ta uku. Ka haɗa takardar lissafi, da ta karɓar kaya, da shaidar kuɗin da suka turo sau biyu, da amsarsu, da wasiƙar gargaɗi tare da shaidar isar da ita, ka aika wa lauya a Duwala a makon da ya biyo baya.